Yadda za ka bi sawun zafi daga saman kwano zuwa tabarmarka

Duk wanda ya taɓa zaman ɗakin kwano marar silin a Kano cikin watan Afrilu ya san irin wannan zafin. Ka buɗe taga, ka kunna fanka, iska na kaɗa rigarka, amma tsakiyar kanka na ci kamar an kifa maka kasko. Ba iskar ɗakin kaɗai ke damunka ba. Akwai wani zafi da ke saukowa kai tsaye daga kwanon, wanda bai damu da fanka ba ko kaɗan.

Zafi hanya uku yake bi, kuma kowace da maganinta. Na farko shi ne ratsawa: zafi ya bi jikin abu daga gefen da ya ɗau zafi zuwa gefen da yake da sanyi, kamar yadda cokali ke yi idan ka bar shi cikin shayi. A ajin kimiyya shi ake kira kondakshan. Na biyu dakon iska: iska ko ruwa su ɗauki zafi su tafi da shi wani wuri, wato kombekshan. Na uku huci, irin wanda kake ji a fuska idan ka tsaya gaban mai tsire alhali ba ka taɓa komai ba, wato radiyeshan. Za mu ɗauki ɗaki ɗaya, mita 4 a tsawo mita 4 a faɗi, rufin tsohon kwano, mu bi zafin daga sama har ƙasa. Abin da za ka tanada bai wuce babban kwali ɗaya, turaren tsinke, da salatif na takarda ba. Idan kana da ma'aunin zafi mai kamar bindiga, irin wanda aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona, to ya yi, muddin yana da saitin auna jikin kaya ba na mutum kawai ba.

Mataki na farko: lissafa abin da rana ke zubawa a kan rufin

Tsakanin rana da duniya babu iska, babu ƙarfe, saboda haka ta hanyar huci kaɗai zafinta ke iso mu. Da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowace murabba'in mita da ke kallon rana tana karɓar kusan wat 1,000. Kano na kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka wajen ƙarshen Afrilu rana na wucewa daidai saman kai, rufi ne ke shan dukan gaba ɗaya, bango kuwa sai da hantsi da la'asar.

Ɗakinmu murabba'in mita 16 ne. Ka ninka, ka samu wat 16,000. Dutsen guga na lantarki kusan wat 1,000 yake ci, to ka ɗauka an jera dutsen guga goma sha shida a kan rufinka an kunna.

Ba duka kwanon ke shanyewa ba. Wani kaso yana komawa sama, kuma launi ne ke yanke wannan hukunci. Ka fita tsakar gida ka dubi rufin da kyau. Idan ya yi tsatsa, ya yi duhu, ƙurar hunturu ta zauna masa, yana shanye kusan kashi 80 cikin 100. Fenti fari sabo kuwa kashi 20 zuwa 30 kawai yake shanyewa. Kwanon zamani mai launin baƙi ko ruwan makuba da ake yayi yanzu yana da kyan gani daga titi, amma a wannan lissafin ɗan'uwan tsohon kwano ne. Namu tsoho ne, saboda haka daga cikin wat 1,000 ɗin nan, 800 sun shige ƙarfen.

Daga nan kwanon zai yi ta ɗaukar zafi har sai abin da yake zubarwa ya yi daidai da abin da yake sha. A ranar da iskar gari take digiri 40, ba abin mamaki ba ne kwano mai duhu ya kai digiri 70. Yawancin zafin ta sama yake fita, iskar waje ta kwashe wani, wani ya koma sararin sama a matsayin huci. Abin da ya rage, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne rabon mai ɗaki.

Mataki na biyu: ratsawa cikin kwanon kansa

Nan ba za mu daɗe ba, domin kwanon ma ba ya ɓata lokaci. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kuma ƙarfe na wuce da zafi sama da sau ɗari uku fiye da katako. Idan ka auna saman kwanon ka auna ƙasansa, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ɗaya ba. Duk zafin da saman ya ɗauka, ƙasan ya ɗauka a lokacin.

Na faɗi wannan ne saboda wata magana da na sha ji a bakin masu sayar da kayan gini: "Alhaji, ɗauki mai kauri, ya fi sanyi." Mai kauri ya fi ƙarko, ya fi jure iska, ba ya saurin lotsewa, duk gaskiya ne. Sanyi kam babu. Ko ka ninka kaurin sau uku, zafin zai ratsa kamar babu komai.

Idan kana son gani da hannunka, da misalin ƙarfe ɗaya na rana ka taɓa katakon da aka kafa kwanon a kai, sannan ka ɗan taɓa kwanon daga ciki da bayan yatsa, taɓawa ɗaya ka janye. Katakon da ke manne da kwanon shi ma ya yi zafi, amma ba ya ƙona ka, saboda a hankali yake miƙa zafinsa ga fatarka. Ƙarfen kuwa a take yake juye maka nasa. Wannan bambancin saurin miƙa zafi shi ne duk abin da ake nufi da cewa wani abu ya fi wani ratsuwa.

Mataki na uku: gwajin kwali

A nan maganar take. Yanzu kana da faffaɗan ƙarfe mai digiri 70 a saman kanka, kai kuma kana ƙasa, tsakaninku iska ce mai tsayin mita biyu ko uku. Ta wace hanya zafin zai sauko?

Ta ratsawa ba zai yi nisa ba, domin iskar da ke tsaye cik tana cikin abubuwan da suka fi komai hana zafi wucewa. Ta dakon iska ma da wuya. Iskar da ta taɓa kwano ta yi zafi takan yi sauƙi, abin da ya yi sauƙi kuwa sama yake yi, ga shi tana saman tun farko. Sai ta maƙale a ƙarƙashin kwanon kamar hayaƙi a rufin madafa, ba ta da dalilin saukowa. Saura huci. Shi ba ya buƙatar abin hawa, yana tafiya ne a miƙe kamar haske, daga abu mai zafi zuwa duk abin da ke kallonsa.

Ka tsaya a tsakiyar ɗakin da ƙarfe biyu na rana, ka rufe ido, ka lura da abin da goshinka da kafaɗunka ke ji. Sai ka ɗaga kwalin nan sama da kanka, kamar taƙi ɗaya ko biyu, kada ya taɓa ka. Nan take za ka ji wani abu ya ɗauke, tamkar ka shiga inuwa. Iskar ɗakin ba ta canja ba, ma'aunin da ke rataye a bango ba zai motsa ba, amma jikinka ya ji. Ka janye kwalin, zafin ya dawo a take. Duk zafin da ke zuwa ya tafi cikin ƙiftawar ido haka, huci ne. Inuwa ka yi wa kanka a cikin ɗaki, daga wata rana ta biyu da ido ba ya gani.

Ci gaba da riƙe kwalin na minti goma, idan hannunka zai jure. Za ka ji sauƙin ya fara raguwa. Kwalin ya sha huci ya ɗau ɗumi, shi ma ya fara hura maka nasa. Ka riƙe wannan a ranka, domin labarin silin kenan gaba ɗaya.

Ga yawan abin. Tsohon kwano mai digiri 70 da ke kallon ƙasa da bango masu digiri 40 yana aiko musu da kusan wat 200 a kowace murabba'in mita. A ɗakinmu wat 3,200 kenan, dutsen guga uku a kunne tun hantsi har la'asar. Katifa ta sha, siminti ya sha, bango ya sha, su kuma su ɗumama iskar ɗakin daga ƙasa. Shi ya sa katifar da rana ba ta taɓa gani ba take da zafi idan ka kwanta.

Akwai wani hali na huci da ke rikita masu fara koyo. Yawan abin da jiki ke hurawa ba ga zafinsa kaɗai ya dogara ba, har da irin fatarsa. Ƙarfe mai sheƙi rowa gare shi, kaɗan yake fitarwa. Tsatsa, ƙura, katako, siminti, da fenti ko da fari ne, duk suna fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da zai yiwu. Takardar alminiyum mai ƙyalli kuwa kashi 5 ko ƙasa da haka. Ka gwada da tukunyar alminiyum da aka goge tas da tukunyar ƙasa, kowace cike da tafasasshen ruwa: kawo bayan hannunka kusa da gefen kowace ba tare da taɓawa ba. Ta ƙasar za ta fi hura maka ɗumi, duk da cewa ta alminiyum ce za ta fi ƙona ka idan ka taɓa. Wannan ne dalilin da ɗakin sabon kwano ke da ɗan dama-dama a shekarar farko, sai cikin kwanon ya dushe, ɗakin ya ƙara zafi, mai gida ya ce ai duniya ce ta canja.

Wannan halin kuma shi ke sa ma'aunin bindigar nan yin ƙarya. Huci yake karantawa, don haka idan ka nuna shi ga ƙarfe mai sheƙi zai ba ka lamba ƙasa da gaskiya. Manna ɗan salatif na takarda a jikin kwanon, ka ba shi minti biyar, ka auna kan salatif ɗin.

Mataki na huɗu: bi hayaƙi ka ga aikin iska

Kunna turaren tsinke, kashe fanka, ka riƙe shi daidai ƙirji. Hayaƙin zai tashi a hankali. Hau kan benci ka kai shi kusa da rufin. Idan akwai tazara tsakanin bango da kwano, kuma akwai mafita a can ƙololuwa, za ka ga hayaƙin ya kama hanya yana bin gangaren kwanon zuwa sama ya fice. Wannan dakon iska ne yana yi maka aiki kyauta: mai zafi na fita ta sama, wata na shigowa ta ƙasa ta maye gurbinta. Idan kuwa hayaƙin ya taru ya tsaya yana lilo, rufinka a toshe yake.

Sharaɗin wannan hanya shi ne ƙofa biyu, mashiga a ƙasa da mafita a sama. Rami ɗaya ba ya aiki, kamar yadda jarka ba ta zuba da kyau sai an buɗe ƙaramin murfin bayanta. A gidaje masu silin, ana barin ramuka a ƙarƙashin bakin rufi da kuma saman bangon da ya yi kusurwa uku. A sa musu raga mai ƙarfi, in ba haka ba jemagu da ɓeraye za su tare. A kuma tabbata an ɗaure rufin da kyau, saboda guguwar farkon damina.

Kada dai a ɗora wa iska abin da ba za ta iya ba. Za ta rage zafin da ya taru a cikin rufi, amma huci na ratsa ta ya wuce ko tana gudu ko tana tsaye. Fankar sama kuwa, a ɗaki marar silin, wani lokaci ita ce ke tunkuɗo maka iskar nan mai zafi da ta maƙale a sama, wadda da an ƙyale ta ba za ta sauko ba. A irin wannan ɗaki ta tsaye ta fi, a ajiye ta kusa da taga ta ɓangaren inuwa.

Mataki na biyar: gyara, bisa tsarin abin da ka gano

Ka fara daga sama, domin zafin da bai shiga kwano ba ba sai ka yi faɗa da shi ba. A wanke rufin, a kankare tsatsa, a shafa fentin hana tsatsa, sannan farin fentin da aka yi don ƙarfe. Idan abin da kwanon ke sha ya sauka daga wat 800 zuwa 300, zafinsa zai sauko daga digiri 70 zuwa hamsin da 'yan kai, hucin da ke shigowa ɗakinmu kuma ya dawo wajen wat 1,100. Dutsen guga uku sun koma ɗaya. Matsalarsa ƙura: bayan hunturu farin ya zama ruwan ƙasa, sai an wanke ko ruwan sama ya wanke. Aikin da sassafe ake yinsa, a taka kan layin ƙusa inda katako yake.

Sai silin, ko na katako, ko na roba, ko fiyofi. Aikinsa irin na kwalin nan ne. Yana tare hucin kwano, ya ɗau zafi, zafin ya ratsa shi tunda siriri ne, sannan ya hura wa ɗakin. Kusan rabi yake ragewa. Idan ka ɗora tafin hannu a silin da ƙarfe uku ka ji shi da ɗumi sosai, ka san aikin bai ƙare ba.

Abin da ke ƙarasa shi ɗaya ne cikin biyu, ko duka. Na farko takardar alminiyum da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano. Lissafin da ya ba mu wat 200 a murabba'in mita, idan ka sa fuska mai ƙyalli a ciki, hucin zai faɗo ƙasa da wat 20. Amma sai an kiyaye abu biyu, kuma a nan na taɓa yin asara. Kafintan da ya yi mini aiki ya shimfiɗa takardar a kan silin, ƙyallin na kallon sama. Na ce, "Malam, haka ake sa ta?" Ya ce, "Maigida, ai madubi rana yake kalla." Na ga kamar da gaskiyarsa. Bazarar farko ɗakin ya yi daɗi. Bayan hunturu biyu na leƙa ta ƙofar silin da tocila, na tarar ƙura ta rufe ta har ina iya rubuta sunana da yatsa. Ƙura kuwa shan huci take kamar kowace ƙasa. Daidai shi ne a kafa takardar a jikin katakon rufi, ƙyallin ya kalli ƙasa inda ƙura ba ta zama. Ba dole sai ta mayar da huci ba, ƙin fitar da shi ma ya isa. Abu na biyu, fuskar mai ƙyalli sai ta kalli fili, aƙalla tazarar yatsa biyu. Idan aka matse ta tsakanin kwano da wani abu, zafi zai bi ta ratsawa ya wuce, alminiyum kuwa gwani ne a nan. A kuma nisanta ta da wayar wuta da ta sale, domin tana ɗaukar lantarki.

Na biyu shi ne shimfiɗa abin da ke hana ratsawa a kan silin, kamar audugar gilas. Sirrinta iska ce da aka kulle cikin ƙananan ramuka ta kasa motsi. Lissafin ratsawa shi ne:

Q = k × A × ΔT ÷ d

A nan Q zafin da ke ratsawa ne a wat, k lambar ratsuwar abin ce, A faɗinsa a murabba'in mita, ΔT bambancin zafin sama da ƙasa, d kuma kauri a mita. Audugar gilas k ɗinta kusan 0.04. Ka shimfiɗa mai kaurin santimita 5 a ɗakinmu, a ce samanta ya fi ƙasanta zafi da digiri 25: 0.04 sau 16 sau 25, a raba da 0.05, ya ba da wat 320. Daga 3,200 da muka fara, kashi ɗaya cikin goma ya rage. Idan ka ninka kaurin, lambar ta rabu biyu. Idan aka danne ta ko yoyo ya jiƙa ta, iskar cikinta ta fita, amfanin ya tafi. Mai shimfiɗawa ya sa safar hannu da takunkumi. Idan kuma silin naka tsohon allon asbestos ne, kada a fasa shi ko a huda shi, ƙurarsa na lalata huhu.

Zuba wa kwano ruwa fa? Yana sanyaya shi, amma lita ɗaya idan ta ƙafe abin da take ɗauka bai wuce zafin da rufinmu ke sha cikin minti uku ba. Jarka mai lita 25 ba za ta kai ka awa ɗaya da rabi ba, ga tsatsa.

Ka sake gwadawa da dare

Da ƙarfe goma na dare ka koma ka taɓa kwanon. Ya huce tuni, domin ba shi da jikin da zai ajiye zafi. Yanzu shi ke hura nasa ga sararin sama, kuma idan babu gajimare yakan fi iskar waje sanyi, abin da ke sa raɓa ta taru a cikinsa ta ɗigo wa mai barci da asuba a lokacin da iska ke da laima. Komai ya juya: sanyi a sama, ɗumi a ƙasa, don haka dakon iska ya samu hanya, mai ɗumi na hawa ta huce ta sauko. Wannan ne ya sa ɗakin kwano ya fi kowane ɗaki sanyi a daren hunturu. Idan ɗakin ya ƙi hucewa a daren bazara, ka taɓa bango da simintin ƙasa, su ne ke amayar da hucin da suka sha da rana.

Soron ƙasa mai azara akasin haka yake. Rana na dukansa kamar yadda take dukan kwano, amma zafin sai ya ratsa ƙasa mai kaurin taƙi ko fiye, yana ɗumama kowane sashe kafin ya wuce, tafiyar da ke cin awoyi da yawa. Da azahar ɗakin na da sanyi kamar randa, zafin tsakar rana kuma sai bayan isha'i yake isowa ciki, lokacin da mutanen gida suka riga suka fitar da tabarmi tsakar gida. Rufin dakin, wato na zubin siminti, shi ma haka yake yi, sai dai da yake ya fi soro siranta kuma ya fi saurin ratsuwa, nasa yakan iso tun wajen magariba. Idan rufinka dakin ne, ka ɗora hannu a ƙasansa da ƙarfe biyu na rana, da shida na yamma, da goma na dare, ka rubuta lokacin da ya fi ɗumi. Maganinsa a sama yake, ko farin fenti ko rumfar da za ta yi masa inuwa iska na wucewa a tsakani, domin zafin da ya riga ya shiga siminti babu hanyar fitar da shi sai ya gama tafiyarsa.